Shafina yana faɗuwa duk ranar da labari ya yaɗu: in koma VPS ko in tsaya a hostin na haɗaka?

Dan_Gusau_Labarai:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shafin labarai na Hausa a kan WordPress, shekara uku ke nan yana kan hostin na haɗaka, wato saba ɗaya da shafuka da yawa ke rabawa, ina biyan naira 48,000 a shekara. A rana ta yau da kullum ana buɗe shafuka kamar 2,500, kuma babu wata matsala. Amma ranar Laraba mun saka wani labari, manyan shafukan Facebook suka ɗauka, cikin awa ɗaya aka yi ƙoƙarin buɗe shi wajen sau 11,000. Ba kowa ne ya samu shiga ba. Sauran sai wannan rubutun suke gani: 508 Resource Limit Is Reached. Karo na huɗu ke nan a bana, kuma ranar da ya kamata a ci kasuwa ita ce ranar da ƙofa ke rufewa.

Na buɗe tikiti, masu hostin suka ce in sayi VPS a wajensu. Wani abokina kuma ya ce in manta da VPS, in koma kilaud irin wanda kamfani ke kula maka da shi. Ni cPanel kawai na iya, ban taɓa shiga saba ta baƙin allo ba. Abin da zan iya warewa bai wuce naira 15,000 a wata ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Abba_Tech:
Wa alaikumus salam. Oga ka yi girma da haɗaka kawai. Gidan haya ne, banɗaki ɗaya mutum ɗari. Ka ɗauki VPS na dala 6 a DigitalOcean, gidanka kai kaɗai, magana ta ƙare.

Maman_Ihsan:
Ni ma VPN nake amfani da shi a waya idan shafi ya ƙi buɗewa, kuma akwai na kyauta. Me zai sa ka biya dala?

Sadiq_Zariya:
Anti, VPN daban ne. Wancan na mai karatu ne, hanyar da wayarki ke bi yake canzawa. VPS kuwa na mai shafi ne: ana yanka maka wani yanki na babbar kwamfuta a ba ka, ka ɗora shafinka a kai, kuma kai ne da ɗawainiyarsa.

Maman_Ihsan:
Af, to na gane. Na gode ƙanena.

Injiniya_Bala:
Malam Dan Gusau, kafin ka kashe ko kwabo, shiga cPanel ka nemi Resource Usage. Ka faɗa mana iyakar da aka sa maka a CPU, da Entry Processes, da Physical Memory, sannan wanne ne ya buga rufi ranar Laraba. Saƙon 508 ɗin nan na CloudLinux ne, tsarin da yawancin masu hostin na haɗaka ke amfani da shi don kada ɗan haya ɗaya ya cinye abincin sauran. Ba wai sabar ta mutu ba ne, kai ne aka tsayar a bakin iyakarka.

Dan_Gusau_Labarai:
Na duba Injiniya. CPU 100%, Entry Processes 20, Physical Memory 1GB. Ranar Laraba CPU da Entry Processes duk sun yi ja. Abin da ya ɗaure min kai shi ne a tallarsu sun rubuta Unlimited Bandwidth. To ina rashin iyakar? Kuma 20 ɗin nan, ana nufin mutum 20 kaɗai ne za su iya karanta shafina a lokaci guda?

Injiniya_Bala:
A'a, ba mutum 20 ba ne. Wanda shafi ya riga ya buɗe masa yana zaune yana karatu ba ya cikin lissafi. Ana ƙirga buƙatun da PHP ke kan aikinsu ne a daidai wannan daƙiƙar.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya danna labarinka, WordPress sai ya tashi, ya loda filogin ɗinka gaba ɗaya, ya tambayi MySQL labarin da sharhi da jerin labaran gefe, ya haɗa shafin, sannan ya miƙa. Mu ƙaddara wannan aikin yana cin rabin daƙiƙa na CPU, wanda ba abin mamaki ba ne ga shafin labarai mai filogin da yawa. CPU 100% ɗin da suka rubuta maka yana nufin ƙarfin kai ɗaya ne tak. Ke nan shafi 2 kake iya haɗawa a daƙiƙa, wato 7,200 a awa idan komai ya tafi daidai. Kai kuma 11,000 suka zo maka a awa, kusan 3 a daƙiƙa. Uku na shigowa, biyu na fita, kowace daƙiƙa mutum ɗaya na ƙaruwa a layi. Kafin rabin minti guraben nan 20 sun cika, na 21 sai ya ga 508.

Batun Unlimited Bandwidth kuma, wannan yawan datar da za ta fita ne. Ba a hana ka fitar da kaya ba, mai dafa abincin ne guda ɗaya.

Abin da nake so ka lura da shi: mutum 11,000 ɗin nan labari ɗaya suke karantawa. Babu dalilin da zai sa a dafa musu shi sau 11,000. A dafa sau ɗaya, a ajiye kwafi, a riƙa miƙa wa kowa. Shi ne kesh. Kana da filogin ɗinsa?

Dan_Gusau_Labarai:
Ina da shi tun bara, LiteSpeed Cache. Wanda ya gina min shafin ne ya saka.

Injiniya_Bala:
Sakawa daban, aiki daban. Ka sa abokinka mai kwamfuta ya buga wannan sau biyu a jere, ya sa adireshin wani labarinka a wurin misalin:

```
curl -s -D - -o /dev/null https://example.com/labari/ | grep -i -E "server|cache"
```

Idan yana aiki, a karo na biyu za ka ga `x-litespeed-cache: hit`.

Abba_Tech:
Injiniya da girmanka, wannan duk faci ne. Yau 11,000 ne, gobe zaɓe ya zo 50,000 za su shigo. Ni shafuka huɗu ke kan VPS ɗina, babu wanda ya isa ya sa min iyaka.

Hauwa_Dev:
Abba, iyaka tana nan, sai dai ba wanda zai rubuta maka ita a allo. Bari in ba ku labarina, don ni na bi irin shawararka shekara biyu da suka wuce kuma na ji jiki.

Na kwashe shafin wata ƙungiya daga haɗaka na kai VPS mai RAM 1GB. Na bi bidiyo na ɗora Nginx da PHP da MySQL, shafi ya tashi yana gudu, na yi ta murna. Sati uku bayan nan aka kira ni da asuba wai shafi yana nuna Error establishing a database connection. Na sake tayar da sabar, ya dawo. Bayan kwana biyu ya sake. Na fi wata ina wannan wahalar kafin wani ya ce in duba nan:

```
journalctl _TRANSPORT=kernel | grep -i "killed process"
```

Sai ga mysqld a jere. Ashe duk lokacin da mutane suka yi yawa, PHP na buɗe ma'aikata fiye da abin da RAM zai ɗauka, idan ta cika sai Linux ya kashe wanda ya fi cin wuri, kuma MySQL ne. Laifina ne, don ni na ɗaga `pm.max_children`, wato iyakar yawan ma'aikatan PHP, zuwa 50 saboda na ga wani ya yi haka, ban san lissafi ake yi ba. Ma'aikacin PHP ɗaya a shafin nan yana cin kamar 60MB. Idan ka cire rabon MySQL da na tsarin kansa, abin da ya rage a 1GB bai fi na ma'aikata 6 ko 7 ba. Kuma ban sa swap ba ko kaɗan, wato wurin faifan ajiya da ke tallafa wa RAM idan ta cika.

To Malam Dan Gusau, a haɗaka idan ka cika iyaka, cunkoso na raguwa shafi zai dawo da kansa. A VPS zai iya kwanciya har sai ka farka ka tashe shi, kuma babu tikitin da za ka buɗe, domin kamfanin injin kawai ya sayar maka.

Sadiq_Zariya:
Gaskiya Hauwa. Kuma wanda ya saba da cPanel ya sani ba ya zuwa kyauta a VPS. Lasisinsa na wata ya fi kuɗin ƙaramin VPS ɗin kansa.

Abba_Tech:
Akwai na kyauta ai. CyberPanel, HestiaCP, CloudPanel. Danna-danna ne kamar cPanel.

Injiniya_Bala:
Akwai su, kuma suna aiki. Amma wa zai riƙa sabunta su? A watan Oktoban 2024 an gano ɓaraka a CyberPanel, cikin 'yan kwanaki masu kutse suka bi dubban sabobin da ke buɗe a intanet suka kulle fayilolinsu suna neman kuɗin fansa. Wanda ke haɗaka wannan ciwon kan masu hostin ne. Wanda ke VPS nasa ne shi kaɗai. Ba ina kushe VPS ba ne Abba, aikina ke nan. Ina cewa dala 6 ɗin kuɗin ɗaki ne kawai, gadi da shara da gyaran famfo duk suna wuyanka.

Dan_Gusau_Labarai:
Jama'a ga abin da ya fito. Layi ɗaya ne kawai: `server: Apache`. Babu wani hit, babu ma kalmar litespeed.

Injiniya_Bala:
To ga ɓarawon nan. LiteSpeed Cache ba ya ajiye kwafin shafi sai idan sabar kanta LiteSpeed ce. A kan Apache zai iya matse hotuna da wasu ƙananan ayyuka, amma babban aikin da ka sa shi dominsa ba ya yi. Shekara guda ke nan shafinka na tafiya babu kesh.

Ka fara ɗaukar bakof. Sannan ka kashe shi, ka saka WP Super Cache, ka kunna Caching On. Don ka tabbatar, buɗe labari a burauzar da ba ka shiga a matsayin mai shafi ba, ka sake loda shi, ka duba View Source can ƙasa. Za ka ga layin da ke cewa Cached page generated by WP-Super-Cache.

Akwai tarko ɗaya da ya shafe ka kai tsaye. Facebook na liƙa wa kowane adireshi wutsiya mai suna `fbclid`, kuma ta kowane mutum daban ce. Idan filogin ya ɗauka kowace wutsiya sabon shafi ne, ka koma gidan jiya, domin mutanenka daga Facebook suke zuwa. A cikin Advanced akwai wurin Tracking Parameters, ka kunna shi ka tabbatar `fbclid` na cikin jerin.

Sadiq_Zariya:
Ka haɗa da Cloudflare na kyauta, masu tsayawa tsakanin mai karatu da sabarka suna ajiye kwafi. Suna da saba a Legas, mai karatu a Najeriya zai iya samun hotunanka daga kusa. Da ka kunna shi ke nan, komai ya koma kansu.

Hauwa_Dev:
Ba komai ba Yaya Sadiq. Idan ka kunna kawai ka bari, hotuna da CSS da JavaScript yake ajiyewa, shafin labarin kansa yana wucewa ne zuwa sabarka. Za ka ga `cf-cache-status: DYNAMIC`. Sai ka rubuta masa Cache Rule, kuma ka ware `wp-admin` da waɗanda suka shiga da kalmar sirri, in ba haka ba wata rana mai karatu zai ga shafin da aka haɗa wa edita. Ga wanda bai saba ba, ni dai ya fara da filogin ɗin, ya ga sakamako tukuna.

Sadiq_Zariya:
Na karɓi gyara.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Maraɗi nake bin zancen. Ni VPS nake riƙe wa mutane a wani kamfanin Turai, da Yuro nake biya. Mu nan sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 ne ba ya motsi, don haka na san abin da zan biya baɗi in dai kamfanin bai ƙara farashi ba. Ku a Najeriya ban san yadda kuke yi da dala ba.

Alhaji_Domen:
Malam Issoufou ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗauki saba a dala bai ƙara komai ba amma kuɗinsa ya ninka uku. Ga shi an yi dogon lokaci katunan naira na bankuna da yawa ba sa biya a waje, mutane suka koma neman katin dala na manhaja, wata rana ya wuce wata rana ya ƙi. Ina da kwastoman da aka dakatar masa da saba ba don ba shi da kuɗi ba, don katin ya ƙi.

Ga lissafin mai tambaya, mu sa dala a 1,500 don sauƙi. Na dala 6 da Abba ya faɗa RAM 1GB ne, kun ji abin da ya sami Hauwa. Wanda zai zauna lafiya shi ne mai 2GB, dala 12. Ƙara kashi 20 cikin ɗari na bakof ɗin mako-mako, ya zama dala 14.4, wato naira 21,600 a wata, 259,200 a shekara. Shi kuma yanzu 48,000 yake biya, kuma ya ce 15,000 ne ƙarshen ƙarfinsa a wata. Ba a ma sa kuɗin wanda zai kula masa da sabar ba.

Dan_Gusau_Labarai:
Alhaji wannan lissafin ya sanyaya min jiki. To kilaud ɗin da abokina ke magana fa?

Hauwa_Dev:
Can na koma bayan wahalar da na sha, shi ya sa zan iya faɗa. Irin su Cloudways a ƙarƙashi VPS ne dai, na DigitalOcean ko wani, amma su ke ɗora komai, su sabunta tsarin, su haɗa kesh da bakof da satifiket na Let's Encrypt, kai kana danna maɓalli. Idan RAM ta yi kaɗan, ƙara ta ɗan dannawa ne. Kuɗin ya kan kai kusan ninki biyu na injin idan da kanka ka saya, kuma a dala. Ba sa ba ka root, wato cikakken iko a kan sabar, sannan akwatin imel irin na cPanel ba ya ciki, sai ka saya daban. Kuma filogin ɗinka idan ya lalata shafi, wannan har yanzu naka ne.

Ni ya biya ni, domin ƙungiyar ke biya kuma ina barci. Amma a naira 15,000 ban ga yadda zai shiga ba.

Malam_Nura_Makaranta:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina kula da shafin duba sakamako na wata makaranta mai ɗalibai kamar 1,200. Duk shekara shiru, sai ranar da aka saki sakamako iyaye su afko gaba ɗaya, mu ma 508 muke gani. In saka wannan WP Super Cache ɗin?

Injiniya_Bala:
Malam Nura taka daban ce, kada ka saka a shafukan sakamako. Na Dan Gusau kowa abu ɗaya yake karantawa. Naka kowane uba sakamakon ɗansa yake nema, dole a tambayi rumbun bayanai kowane karo, kuma idan aka ajiye kwafi za ka iya nuna wa wani sakamakon ɗan wani. Irin naka, da kanti mai kwandon saye, da duk shafin da ake shiga da kalmar sirri, su ne waɗanda ƙarfin inji ke yi wa magani da gaske. Shi ya sa ba na son a ce "daga mutum kaza a rana ka bar haɗaka". Shafin labarai mai kesh zai ɗauki ninkin-ba-ninkin abin da shafinka zai ɗauka a kan inji iri ɗaya.

Amma kafin ka sayi saba saboda kwana uku a shekara, gwada sakin sakamakon aji-aji, ƙananan aji da safe, manya da yamma.

Malam_Nura_Makaranta:
Shugaban makaranta ba zai so ba, ya fi son a saki gaba ɗaya. Amma zan kai masa maganar.

Abba_Tech:
Ka ga irin Malam Nura VPS ne maganinsa, ana biya da awa, ya ƙara girma ranar sakamako ya rage bayan nan. Kuma ni har yanzu ina kan bakana game da Dan Gusau. Kowa da rana ɗaya ya fara koyon SSH, wato shiga saba ta baƙin allo. In bai fara yanzu ba sai yaushe?

Hauwa_Dev:
Ya koya mana, amma ba a kan shafin da yake ci da shi ba. Ya ɗauki ƙarami na wata ɗaya, ya ɗora kwafin shafin, ya lalata ya gyara. Ranar da ya iya dawo da shafi daga bakof ba tare da ya kira kowa ba, ya isa ya ƙaura. Kuma Abba, wajen ƙara girma a kula: idan aka haɗa da faifan ajiya aka faɗaɗa, ba ya komawa ƙarami. RAM da CPU kaɗai za a taɓa.

Alhaji_Domen:
Tunda an ambaci bakof: ko ina ka zauna, ka ajiye kwafi a wani wuri daban. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin hostin na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda bakof ɗinsu ke wuri guda da sabarsu wasu ba su sake ganin bayanansu ba. Na haɗaka ma kada ya dogara da na masu hostin kaɗai.

Dan_Gusau_Labarai:
Na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na yi yadda Injiniya ya ce, layin Cached page ya fito. Jiya wani labari ya ɗan tashi, an buɗe shi kamar sau 6,000 a awa, ba a ga 508 ba, kuma shafin ya fi sauri sosai. Sai dai CPU ya kai wajen 70% a jadawalin, na zaci zai faɗi ƙasa fiye da haka.

Injiniya_Bala:
Alhamdulillah. Amma 6,000 bai kai 7,200 ɗin da muka ƙiyasta ba, don haka ba a gwada shi da gaske ba tukuna, kuma 70% ɗin nan ya yi yawa ga shafi mai kesh. Kana da filogin mai nuna "an karanta sau kaza" a ƙarƙashin labari? Da yawansu na kiran `admin-ajax.php` duk lokacin da aka buɗe shafi, wato WordPress na tashi a bayan fage ga kowane mai karatu ko da an miƙa masa kwafi. Shiga Raw Access a cPanel ka sauke na jiya, ka ga sau nawa sunan fayil ɗin ya fito.

Dan_Gusau_Labarai:
Ina da shi, kuma masu ba mu talla wannan lambar suke kallo. Cire shi zai yi min wuya.

Sadiq_Zariya:
Ka nuna musu ta Google Analytics mana, ita ba ta taɓa sabarka.

Alhaji_Domen:
Ko kuma idan lokacin sabunta hayarka ya yi, ka nemi haɗaka mai LiteSpeed da CPU 200%, a naira. Ka tambaye su lambobin nan uku, na CPU da Entry Processes da Physical Memory, a rubuce kafin ka biya, don ba kowa ke sa su a talla ba.

Abba_Tech:
Za ka biya kusan kuɗin VPS kana gidan haya. Mu haɗu lokacin zaɓe.

Dan_Gusau_Labarai:
Saura wata uku hayar ta ƙare. Zan kashe mai ƙirgen na sati ɗaya in ga yadda jadawalin zai yi, in kawo muku. Hauwa, ƙaramin VPS ɗin gwajin da kika ce, wane Ubuntu zan zaɓa, kuma mai 1GB zai isa kwafin shafin?